Motar Da Ba Ta San Ka Daɗe Kana Jira Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi yana jiran bas ya san wannan lissafi na zuci. Idan motoci sun saba zuwa kusan duk bayan minti 10, shi kuma ya riga ya yi minti 10 a tsaye, sai ya ce wa kansa lalle yanzu tana hanya. A wasu tashoshin yana da gaskiya. A wasu kuma, masana lissafin yiwuwa sun nuna cewa mintunan da ya ɓata ba su rage masa komai ba, domin matsayinsa ɗaya da na wanda ya iso yanzun nan yana gyara hula.

Wannan yakan faru ne a inda motoci ba su da jadawali. Direbobi masu yawa ne, kowa da lokacin fitowarsa, kowa da inda ya tsaya sauke fasinja, ba wanda ya yi shawara da wani. Idan aka haɗa masu zuwa irin haka da yawa, tazarar da ke tsakanin mota da mota takan bi wani tsari da ake kira rabon eksiponenshiyal. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne rashin tunawa da abin da ya wuce: damar zuwan mota a minti mai zuwa ba ta canzawa, komai daɗewar jira.

A ɗauka matsakaicin jira minti 10 ne. Damar mutum ya wuce minti `t` bai samu mota ba ita ce `P(T > t) = e^(-t/10)`, inda `e` lamba ce da ta kai kusan 2.718. Wanda bai saba da irin wannan rubutu ba kada ya damu, ana iya ganin abin da ƙirga mutane.

A ce mutum 1,000 ne, kowa a tasharsa daban, duk tashoshin masu irin wannan hali. Bayan minti 10, kusan 632 sun hau mota, 368 na nan tsaye. Wato kusan kashi 37 cikin 100 ba su samu ba. To, a bar waɗanda suka tafi, a zuba wa waɗannan 368 ido. Bayan ƙarin minti 10, nawa ne za su rage? Kusan 135. Idan aka raba 135 da 368, sai a sake samun kusan kashi 37 cikin 100. A ƙara wasu minti 10, 135 su koma kusan 50, kashin bai motsa ba. Waɗanda suka yi minti 20 rana na dukansu suna fuskantar daidai abin da suka fuskanta lokacin da suka iso, kuma matsakaicin abin da ya rage musu har yanzu minti 10 ne cur. A rubuce, dokar ita ce `P(T > s + t | T > s) = P(T > t)`. Ma'anarta, idan an riga an jira minti `s`, damar a ƙara jiran minti `t` daidai take da ta sabon zuwa.

Mai wasan ludo ya san ɗan'uwan wannan. Ko ya jefa sau goma bai samu shida ba, damarsa a jifa na gaba ɗaya ce cikin shida. A tashar tamu, kowane minti jifa ne mai damar kusan kashi 9.5 cikin 100. An kuma tabbatar da cewa a cikin dukan tsare-tsaren da ke auna lokaci mai gudana, eksiponenshiyal kaɗai ke da wannan hali.

Kada a ɗauka jiran kullum mai tsawo ne. Rabin mutanen nan 1,000 sun samu mota kafin minti 7 ya cika. Tsirarun da suka daɗe sosai su ne ke jan matsakaicin zuwa 10.

Yanzu a kwatanta da layin da ke da jadawali, inda bas ke zuwa duk minti 10 ba ƙari ba ragi. Wanda ya iso ba tare da duba agogo ba yana da damar ɗaya cikin goma ta samun mota a mintin farko. Idan ya yi minti 8, saura biyu kawai, damarsa a minti na gaba ta koma rabi. Idan ya yi 9, babu shakka tana zuwa. Nan jira yana biya, kuma matsakaicinsa minti 5 ne, rabin tazarar.

A nan ne abin ya fi ba da mamaki. Layukan biyu suna da yawan motoci iri ɗaya, kusan shida a awa, amma fasinjan layin da ba jadawali yana jiran ninki biyu. Dalilin shi ne tazara mai tsawo ta fi kama mutane. A ce motoci na zuwa da tazarar minti 2, sannan 18, sannan 2, sannan 18. Matsakaici 10 ne. Amma cikin kowane minti 20, minti 18 na doguwar tazara ne, saboda haka mutum tara cikin goma a cikinta za su faɗa, su jira kusan minti 9, yayin da ɗaya zai jira kusan minti 1. Idan aka haɗa, jiran ya kai minti 8.2. Shi ya sa mai kamfanin motoci zai iya rantsuwa cewa motarsa na wucewa duk minti 10, fasinja ya rantse bai taɓa ganin haka ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Duk hukumar sufurin da ke son rage wa jama'a wahala ya kamata ta kula da wannan, domin daidaita tazara yana iya rage jira ko ba a sayi mota ko ɗaya ba.

Ba a tashar mota aka fara amfani da wannan lissafi ba. Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak da ya yi aiki a kamfanin tarho na Kofanhegan, ya nuna a 1909 cewa kiran waya da ke shigowa barkatai yana bin tsarin da ke ɗauke da sunan Bafaranshe Siméon Denis Poisson. Tazarar da ke tsakanin irin waɗannan kiraye-kiraye eksiponenshiyal ce.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Tashar da mota ba ta tashi sai ta cika tana tunawa sarai, tunda kowane fasinja da ya shiga ya rage kujera ɗaya, kuma wanda ya tarar saura mutum biyu ba ɗaya yake da wanda ya tarar da mota fayau ba. Akwai kuma akasin haka. Idan an saba da minti 10 amma an shafe minti 50, a tsarin eksiponenshiyal hakan bai kai sau 7 cikin 1,000 ba. Mai hankali zai fara zargin an rufe hanya ko ana layin mai, kuma a irin wannan hali daɗewar jira alama ce ta ƙarin jira. Haka nan yawan motoci da ƙarfe bakwai na safe ba ɗaya yake da na bayan isha'i ba, don haka lissafin yana aiki ne a cikin lokacin da zirga-zirga ba ta sauya ba.

Ana iya gwada kowace tasha da agogo da takarda. A rubuta tazarar motoci a lokaci ɗaya na yini har a tara kamar ɗari, a fitar da matsakaici. Sai a ƙirga waɗanda suka wuce matsakaicin: idan tashar ba ta tunawa, za su kai kusan 37. Daga cikin waɗannan a ƙirga waɗanda suka wuce ninki biyunsa, ya kamata a samu 13 ko 14. Idan aka ga kusan duk tazarar ta taru kusa da matsakaici, babu masu nisa, to akwai jadawali a layin ko da ba a manna shi a bango ba.