Tsarin Motsin Mabiyin Kam: Nazari Daga Injin Ban-Ruwa na Fadamun Kalgo da Gwandu

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ƙaramin injin ban-ruwa a matsayin misali, domin bayyana yadda siffar kam ke tsara motsin bawul. An kwatanta zane uku na wannan motsi, an kuma nuna cewa zanen da ya fi sauƙi a lissafin takarda shi ne ya fi cin ƙarfe idan inji ya ɗauki gudu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa fadamun Kalgo lokacin noman rani, ko lambunan albasa na yankin Gwandu da Aliero, ya san ƙarar injin ban-ruwa. Ƙaramin inji ne mai shan fetur, mai silinda ɗaya, wanda galibi yakan juya kimanin sau 3,600 a minti. A cikinsa akwai sandar da makanikai ke kira kamshaf, mai ɗauke da ƙusumbi biyu masu siffar ƙwai. Kowane ƙusumbi shi ne kam. Idan sandar ta juya, ƙusumbin yakan ture wani ɗan ƙarfe da ke kwance a kansa, shi kuma ya tura bawul ya buɗe, sannan sifirin ya maido shi ya rufe. Wannan ɗan ƙarfe, tare da duk abin da yake turawa, shi za a riƙa kira mabiyi a nan, domin ba shi da aiki sai bin bayan kam.

Kamshaf yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na inji. Ke nan bawul yana buɗewa ya rufe sau 30 a kowane sakan, wato sau 864,000 a aikin awa takwas. Ɗan aibi a siffar kam ba ya zama ƙarami idan ana maimaita shi haka.

2.0 Kalmomi huɗu

Kafin a shiga lissafi sai an tsayar da kalmomi. Nisa shi ne yadda bawul ya matsa daga mazauninsa. Gudu shi ne saurin canjin nisa. Hanzari, a ma'anar da aka ba shi a nan, shi ne saurin canjin gudu, ko ƙaruwa ko raguwa. Fizga kuwa ita ce saurin canjin hanzari. A maganar yau da kullum gudu da hanzari kusan abu ɗaya ne, amma ilas ne a raba su, domin ƙarfin da ke danne ƙarfe daga hanzari yake fitowa: nauyin abu a ninka shi da hanzarinsa.

Mai jan ruwa a rijiya ya riga ya san bambancin. Igiyar da ke ɗaukar cikakken guga lafiya lau, ita ce ke tsinkewa idan aka fizge ta, alhali nauyin ruwan bai ƙaru ba. Dalili shi ne igiya tana miƙewa. Idan aka ɗora mata nauyi a hankali, sai ta miƙe daidai gwargwado ta tsaya. Idan aka ɗora shi farat ɗaya, sai ta zarce inda ya kamata ta tsaya, ta dawo, ta sake zarcewa. A lissafi, nauyin da aka saki gaba ɗaya a kan abu mai miƙewa yakan ja shi har ninki biyu na abin da zai ja shi da an ɗora shi sannu. Ƙarfe ma haka yake. Sandar da ke tura bawul tana tanƙwarewa kaɗan, ko da ido bai gani ba, don haka ita ma igiya ce, sai dai mai tauri.

3.0 Zane uku a kan bawul ɗaya

A ɗauka, domin misali, cewa bawul zai buɗe milimita 6 cikin digiri 60 na juyin kam, kuma nauyin mabiyi gaba ɗaya giram 50 ne. A gudun da aka ambata, digiri 60 na ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin 180 na sakan. Ƙololuwar hanzari a kowane zane ana samun ta da wannan ƙa'ida:

a = C × h / T²

A nan h shi ne nisan buɗewa, T lokacin da aka ɗauka, C kuma adadi ne da ya danganta da siffar kam. A misalinmu h / T² ya kai kimanin 194, a ma'aunin mita da sakan.

Zane na farko shi ne farabola. Ana tura mabiyi da hanzari ɗaya tak har rabin hanya, sannan a taka masa birki da ƙarfi ɗaya har ƙarshe. Adadinsa 4 ne, kuma babu wani zane da zai kai wannan nisa cikin wannan lokaci da hanzarin da ya gaza haka. Ƙarfin da yake buƙata daidai yake da nauyin kilo 4. Na biyu shi ne hamonik, wanda motsinsa ya yi kama da na lilo, adadinsa 4.93 ne, ƙarfinsa kusan kilo 5. Na uku shi ne saikuloyid, mai adadin 6.28, wanda ke neman kilo 6 da ɗoriya. Wanda ya tsaya a nan zai zaɓi farabola ba tare da shakka ba.

Sai dai wannan lissafi ya ɗauki mabiyi tamkar dutse ne da ba ya miƙewa. A dubi yadda ƙarfin yake zuwa. A farabola, mabiyi yana zaune babu komai a kansa, sai kilo 4 su faɗo masa a take, ya zarce zuwa kilo 8. Abin da ya fi muni yana tsakiyar hanya, inda turi na kilo 4 ke rikiɗewa nan take ya zama ja na kilo 4. Tsallen nan na kilo 8 ne. Ko da girgizar farko ta riga ta lafa, mabiyi zai zarce da wannan kilo 8 a kan kilo 4 na asali, ya kai kilo 12, ninki uku na abin da takarda ta faɗa. Hamonik ba shi da wannan tsalle na tsakiya, amma yana fara tafiya da cikakken hanzarinsa, don haka kilo 5 ɗinsa kan koma kusan 10. Saikuloyid kuwa hanzarinsa daga sifiri yake tashi, ya hau a hankali, ya sauko ya ratsa sifiri a tsakiya, ya kuma ƙare a sifiri. Babu inda ƙarfi ya faɗo farat ɗaya, saboda haka kilo 6 ɗinsa ba ya ƙaruwa sai kaɗan. Jerin ya juye: na ƙarshe a takarda ya zama na farko a aiki.

Wannan ba sabon sani ba ne. John Hrones ya fitar da shi ta hanyar lissafi a Amurka a 1948, D. B. Mitchell kuma ya gwada shi a kan na'ura a 1950. Daga nan ne injiniyoyi suka tsayar da ƙa'idar cewa nisa da gudu da hanzari kada ɗayansu ya yi tsalle a ko'ina cikin juyin kam, wato fizga ta kasance tana da iyaka.

Gudu yana shiga maganar ta hanya biyu. Ta farko a fili take cikin ƙa'idar: T ninkin kansa aka yi, don haka idan gudun inji ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Girgizar da tsalle ya tayar tana buƙatar lokaci kafin ta mutu. A inji mai tafiya sannu tana mutuwa kafin bugu na gaba. A mai gudu kuwa sabon bugu yakan tarar da tsohuwar girgiza, wani lokaci su haɗu su ƙarfafa juna. Shi ya sa siffar kam da ba ta da laifi a na'urar da ake juyawa da hannu take zama annoba a injin fetur.

4.0 Inda ƙa'idar ta tsaya

Ba a nufin cewa kam ɗin injin ban-ruwa saikuloyid ne tsantsa. Kam yana iya tura mabiyi, amma ba ya iya jawo shi. Duk birkin da ake takawa kusa da ƙololuwar buɗewa aikin sifirin ne. Idan ƙarfin birkin da ake nema ya fi ƙarfin sifirin, mabiyi sai ya rabu da kam ya yi shawagi, sannan ya faɗo a kansa da ƙarfi. Ƙara taurin sifirin ba magani ne na kyauta ba, domin yana ƙara gugar da ke tsakanin ƙarafan biyu a kowane gudu. Saboda haka masu zana kam na inji sukan karkatar da zanen: turi mai ƙarfi na ɗan lokaci, birki mai sauƙi na dogon lokaci, tare da sassauta duk wata mahaɗa. Abin da suke karewa shi ne santsin hanzari, ko da wane suna aka kira zanen.

5.0 Yadda kyakkyawan zane ke lalacewa a fadama

A ganin mai wannan rubutu, nan ne maganar ta fi shafar manomi. Tsakanin mabiyi da bawul akan bar 'yar rata, kimanin milimita 0.15 zuwa 0.20 a irin waɗannan injuna, saboda ƙarfe na faɗaɗa idan ya yi zafi. Mai zane ya san da ita, don haka yakan sa ɗan gangare mai laushi a gindin ƙusumbin, wanda ke cike ratar a hankali kafin turi ya fara. Idan ratar ta buɗe fiye da kima, ko don lalacewa ko don kuskuren saiti, sai mabiyi ya wuce gangaren bai taɓa bawul ba. A misalinmu na saikuloyid, idan ratar ta zarce gangaren da milimita 0.15 kacal, mabiyi zai iske bawul yana gudun kimanin rabin mita a sakan. Wannan ya wuce tsallen hanzari, karo ne, kuma haka bawul zai daki mazauninsa wajen rufewa.

Alamar farko ta kunne ce: ƙara mai kaifi, kas-kas-kas, daga saman inji, wadda ke bin rabin gudun injin. Idan aka kwance, akan ga ƙananan ramuka a gefen ƙusumbin, inda turi ya fi tsanani, ko bakin bawul ya lotsa cikin mazauninsa, ko sifirin ya karye. Ramukan nan kansu sababbin tsalle ne a hanyar mabiyi, don haka lalacewa tana haifar da lalacewa. Ƙurar hunturu da baƙin man da ya daɗe ba a canza ba suna gaggauta ta, domin siririn man da ke raba ƙarafan biyu shi ne abin da bugu ke fara tsagawa.

Akwai kuma ɗabi'ar taɓa gwamnan inji domin ruwa ya ƙara fita. Wanda ya ɗaga gudu daga 3,600 zuwa 4,300 ya ƙara kusan kashi 20 cikin ɗari ne a gudu, amma ƙarfin da ke kan mabiyi ya ƙaru da fiye da kashi 40, alhali sifirin yana nan yadda masana'anta suka sa shi.