Ƙwallo Mai Tsalle A Gefen Littafi

Malamin da ke koya wa 'yan koyo zane mai motsi yakan fara da takardu 24 da fensir. Kowane ɗalibi zai zana ƙwallo a shafin ƙarshe, ya sauko da shafi na gaba a kai, ya bi inuwar zanen, ya ɗan gusar da ita. Da an karkaɗa shafukan da babban yatsa, sai ƙwallo ta yi tsalle.

Idan ta riƙa fizga, tazarar zanen ce ta yi yawa.

Daga nan sai manhajar FlipaClip a waya, inda zanen baya ke bayyana dishi-dishi. A saita hotuna 12 a daƙiƙa, zane 24 ɗin nan zai ba da daƙiƙa biyu cif.