Saƙon dubiya ga abokin aikin da aka yi wa tiyata

Da zarar labari ya iso ofis cewa an fito da wane daga ɗakin tiyata, sai kowa ya zaro waya. Niyyar mai kyau ce, amma a wannan yinin mara lafiyar ba ya cikin halin karanta komai. Wanda aka yi wa allurar barci yakan wuni cikin magagi da tashin zuciya, maƙogwaronsa kuma na zafi saboda bututun numfashi da aka zura masa. Wayarsa ma tana hannun mai jinya, matarsa ko ƙaninsa. To saƙon ranar farko na mai jinya ne: a yi masa sannu da ɗawainiya, a tambayi yadda aikin ya gudana, a ce ya sanar idan akwai buƙatar jini ko kuɗin magani. Kira kuwa a dakata da shi.

Mu ɗauki akawun wani ofis da aka cire wa afendis ranar Litinin ta hanyar buɗe ciki. Zuwa Laraba ya fara zama, yana ɗan takawa a barandar ɗaki, an ba shi izinin shan ruwan shayi ko koko. Nan ne saƙo zai same shi da hankalinsa. Ƙaraminsa a ofis zai iya rubuta masa haka:

"Salamu alaikum, Malam. Ya ƙarfin jiki? Mun ji an yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Maganar albashin wata kada ta dame ku, ni da Hajiya mun ɗauka, oga ma ya sa hannu. Ba sai kun amsa ba, ku huta. A gaida Maman yara da ƙoƙari."

Gaisuwa da addu'a kowa ya iya. Abin da ya bambanta wannan saƙo shi ne jumlar albashi. Ma'aikacin da ke kwance yana lissafin abin da ya bari a kan tebur, wani ma yana tsoron kada a ga gazawarsa ko a ba wani kujerarsa. Idan aka ce masa "kada ka damu da aiki" kawai, zai ci gaba da damuwa, domin ba a faɗa masa wa ya ɗauki me ba. Da an ambaci aikin da sunansa da wanda ya karɓa, sai hankalinsa ya kwanta. "Ba sai kun amsa ba" ita ma tana da nata aikin. A wurinmu rashin amsa gaisuwa abin kunya ne, sai ka ga mutum da allurar ƙarin ruwa a bayan hannu yana fama da amsa saƙonni arba'in.

Akwai saƙon da ke shigowa da rigar dubiya alhali aike ne: "Sannu da jiki. Af, ina makullin durowar nan?" A ganina gara a fasa durowar. Haka "yaushe za ka dawo?", ko da ƙauna aka faɗa, yana jin ta kamar tuni. Likita ne ke da amsarta. Akan cire zaren ɗinki bayan mako ɗaya zuwa biyu, kuma bayan aikin ciki akan hana ɗaukar kaya mai nauyi na mako 4 zuwa 6.

Ba'a ma a ɗan jinkirta ta, ko da abokin wasa ne. Mai ɗinki a ciki dariya na yi masa ciwo kamar yadda tari ke yi, har sai ya danne wurin da matashi. Labarin wani ɗan uwanka da aka yi wa irin aikin bai tashi ba, ka riƙe abinka. Kada kuma a tura sunan wani jiƙo ko sassaƙe, domin yana kan magungunan da likita ya tsara, kuma ba a san yadda za su haɗu ba.

Sai batun sirri, wanda zauren WhatsApp na ofis ke yawan tonawa. Afendis ba abin ɓoyo ba ne, amma aikin basir, ko gwaiwa, ko na mahaifa, da yawa ba sa so a ambata. Idan shi bai faɗi sunan ciwon ba, "an yi masa aiki" ta wadatar, kuma ba a sa hotonsa a gadon asibiti sai da izininsa. Namiji mai rubuta wa abokiyar aiki matar aure ya gajarta, ya haɗa da gaida maigida. Idan an yi karo-karo, a miƙa wa mai jinya, a ce "ga wannan daga ofis, a sayi lemo", ba tare da jera wa ya ba da nawa ba.

Bayan an sallame shi da kamar kwana goma, masu dubiya sun ɗauke ƙafa, ga shi a gida ba fita. A lokacin a sake rubuta masa, a tambayi ɗinkin, a shaida masa takardar hutun jinyarsa ta isa ofishin ma'aikata, sannan a tambayi ranar da ta dace a leƙo.