Idan Tayar Gaba Ta Ci Gefe Ɗaya

Tayar da ke zaune daidai a kan kwalta, zanenta kan suɗe ne bai ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Idan kuwa gefe ɗaya kaɗai ya cinye, sau da yawa ba laifin tayar ba ne, saitin ƙafar motar ne ya goce, wato abin da makanikai ke kira alaimen. Cin gefen waje kowa na ganinsa. Na ciki ne mai haɗari, don yakan ɓuya har waya ta fito. Sai an murɗa sitiyari har ƙarshe, an durƙusa an leƙa, ake ganinsa.

Gocewar iri biyu ce. Ta farko ita ce kamba, wato jinginar taya in ka tsaya a gaban mota kana kallonta. In samanta ya kwanta ciki, nauyi ya koma gefen ciki, nan za ta ci. In ya kwanta waje, gefen waje ne zai tafi. Irin wannan cin sumul yake, kuma galibi taya ɗaya yake kamawa, wadda ta faɗa rami wani ƙarfe ya lanƙwashe.

Ta biyun ta fi saurin cin taya. Tayoyin biyu ne ba sa fuskantar gaba sak. In gabansu ya tsuke fiye da kima, gefen waje ke ci. In ya buɗe, gefen ciki. A nan tayar tana birgima ne tana kuma goguwa a kaikaice. Ɗauki taya mai tsayin santimita 60 wadda gabanta ya kauce wa bayanta da milimita 3 kacal. A kowace kilomita ɗaya ana jan ta gefe kimanin mita 5. Daga Kano zuwa Kaduna an goge ta a kwalta fiye da kilomita guda ke nan.

Tafin hannu ke bambance su. Shafa zanen daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ka ji santsi a tafiya, kaifi kamar haƙoran zarto a dawowa, to matsalar tsukewa ko buɗewa ce, kuma yawanci za ka same ta a duka tayoyin biyu. Amma in bakin ciki da na waje duk sun ci, tsakiya na nan lafiya, ƙarancin iska ne. Wurin mai faci za ka.

Abin da na fi so mai mota ya kula da shi: kada a hau na'urar saiti sai bakanike ya ɗaga motar ya girgiza kowace taya. In tayarod ko boljoyin ko bushin ya yi lako-lako, saitin ba zai zauna ba, kuɗi kawai aka zubar. Kamba ma, a ƙananan motoci da yawa ba ta da wurin murɗawa, sai an canja abin da ya lanƙwashe. Saiti kuma ba ya mayar da robar da ta tafi. In zanen gefen da ya ci ya gaza milimita 1.6, a canja tayar, ko da sauran jikinta na kama da sabuwa.