Dalilin da ya sa fom ɗin intanet ke ɓacewa bayan an sha wahalar cike shi

A garuruwan arewacin Jigawa, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, neman gurbin karatu, aikin gwamnati ko tallafi ya koma ta intanet. Tun ranar 24 ga Mayun 2024 da asusun bai wa ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa, ɗalibin da ke son rancen sai ya cike fom da lambobinsa na JAMB da NIN da BVN. Haka ma ɗaukar sabbin 'yan sanda da sojoji, ta shafin intanet ake fara nema. Mafi yawan irin waɗannan fom-fom suna da ranar rufewa, kuma wanda bai aika nasa ba kafin ranar sai ya jira wani zagayen.

Akwai wata matsala da masu shagunan intanet suka sani sarai. Mutum zai shafe kusan awa guda yana cike fom, da ya danna maɓallin aikawa sai shafin ya mayar da shi wurin shiga, ko ya nuna masa wani gajeren rubutu na Turanci, duk abin da ya rubuta kuma ya tafi. Galibi akan ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis. Sau da yawa sabis ɗin lafiya lau yake, wa'adin zaman da shafin ya ba mai cike fom ɗin ne ya ƙare ba tare da ya sani ba.

Shafin ba ya ganin mai rubutu

Kowane shafin intanet yana zaune ne a wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Ƙa'idar HTTP da ake sadarwa da ita ba ta riƙe tarihin baƙo, wato duk buƙatar da waya ta aika sabuwa ce a wurin uwar garken. Domin a gane wanda ya riga ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, akan ba burauzarsa wata doguwar lamba ta ajiye a ɗan ƙaramin fayil da ake kira kuki, uwar garken kuma ta ajiye kwafin lambar tare da sunan mai ita. Wannan alaƙar ita ce zama, wanda kan fito a allo da sunan session.

Abin ya yi kama da wurin ajiye babura a ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Mai gadi ba zai iya riƙe fuskar kowa ba, don haka yakan ba mai babur lamba, ya rataya irinta a jikin babur ɗin. Bambancin shi ne, mai gadin intanet yana da agogo. Idan mai lamba ya yi wasu mintoci bai leƙo ba, sai a yage tasa daga littafi, ko ya dawo da ita daga baya ba za a gane ta ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ma'anar leƙowa. Rubutu a cikin gurabun fom ba leƙowa ba ne. Duk abin da mutum ke bugawa yana nan cikin wayarsa ko kwamfutar shago har sai ya danna maɓallin adanawa ko na aikawa. A yawancin shafuka, wanda ya yi minti arba'in yana rubutu ba ɗaga kai, da wanda ya tashi ya tafi kasuwa, duk ɗaya suke a wurin uwar garke, domin babu wanda ta ji daga gare shi.

Tsawon wa'adin ya danganta da manhajar da aka gina shafin da ita da kuma zaɓin wanda ya gina shi. Idan ba a sauya komai ba, ASP.NET na bayar da minti 20, PHP daƙiƙa 1,440 wato minti 24, Tomcat minti 30, Laravel kuma minti 120. Mai cike fom ba ya ganin wannan agogon sai idan masu shafin sun ga dama sun nuna masa.

Yadda minti ashirin ke ƙarewa

A ɗauki misalin wata ɗaliba da ta zo wani shagon intanet a Maigatari domin cike fom a shafin da wa'adinsa minti 20 ne. Ta shiga da ƙarfe 10:05, ta buɗe fom ɗin da 10:07. Wannan buɗewar ita ce magana ta ƙarshe tsakanin kwamfutar da uwar garke, saboda haka daga nan agogo ya fara, kuma zai cika da 10:27.

Suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma sun ci minti biyar. Da aka zo gurbin BVN sai ta tuna ta bar takardar a gida, ta kira ƙaninta ya nemo, aka yi minti tara ana jira. Daga nan aka ga hoton fasfo ya fi girman da shafin ya amince da shi, mai shago ya ɗauki minti takwas yana rage shi. A daidai wannan lokacin ne zaman ya mutu, amma babu abin da ya sauya a allo, gurabun na nan cike, sai ta ci gaba da shigar da sakamakon jarrabawa darasi bayan darasi.

Da 10:49 ta danna Submit. Burauza ta aika bayanan gaba ɗaya tare da tsohuwar lambar. Uwar garke ta duba ba ta ga lambar a wurinta ba, sai ta yi watsi da saƙon ta turo shafin shiga. Aikin minti 42 ya tafi, kuɗin zama a shago ya hau, idan kuma ranar rufewa ce to abin da aka rasa ya wuce kuɗi.

Yadda ake bambance ta da matsalar sabis

Saƙon da ya fito a allo shi ke nuna inda matsalar take. Idan sabis ne ya yanke, burauzar Chrome kan nuna ERR_INTERNET_DISCONNECTED ko ERR_CONNECTION_TIMED_OUT, kuma sauran shafuka ma ba za su buɗe ba. Idan uwar garken ce ta cika da jama'a, kamar yadda kan faru a ranakun ƙarshe, akan ga lamba 502, 503 ko 504. Ƙarewar zama kuwa amsarta na zuwa da sauri, sauran shafuka na buɗewa, kuma saƙon kan zama ɗaya daga cikin irin waɗannan:

```
Your session has expired
419 Page Expired
CSRF verification failed. Request aborted.
```

Na farkon ya faɗi abin da ya faru kai tsaye. Na biyu na Laravel ne, na uku kuma na Django, kuma dukansu suna magana ne a kan wata lambar tsaro ta daban da ake ɓoyewa a cikin fom domin hana wani shafin ƙarya aika bayanai da sunan mutum. Idan lambar da ke cikin fom ba ta dace da wadda shafin ke tsammani ba, sai a ƙi karɓarsa. Babu ɗaya daga cikin saƙonnin da ke nufin an yi wa mutum kutse ko an hana shi nema.

Abin yi kafin farawa da bayan aukuwa

Maganin farko shi ne a gama neman komai kafin a shiga shafin. Lambar NIN da ta BVN, kowacce mai lamba 11, da lambar JAMB da sakamakon jarrabawa, a rubuta su a manhajar ajiye rubutu ta waya ko a takarda guda. A rage hoto da takardu zuwa girman da aka nema tun da wuri. Duk wata doguwar amsa a rubuta ta a waje sannan a kwafo. Da ɗalibar nan ta yi haka, da minti 17 na jiran BVN da gyaran hoto ba su shiga lissafi ba.

Idan fom ɗin yana da maɓallin Save ko Save and Continue, a riƙa danna shi a ƙarshen kowane sashe, domin yana ajiye bayanan kuma yana mayar da agogo farko. Idan babu shi, buɗe wani ɓangaren shafin a sabuwar taga duk bayan minti goma yakan sabunta zaman. Wannan dabarar tana da iyaka, domin wasu shafukan suna da wa'adi na biyu da ake ƙirgawa daga lokacin shiga, wanda babu abin da ke tsawaita shi. Wasu kuma sukan ɗaure zaman da adireshin intanet na na'urar, don haka sauya layi ana tsakiyar aiki na iya kashe shi, abin da ya kamata mazauna bakin iyaka irin Maigatari su kula da shi, inda waya kan iya kamo sabis ɗin Jamhuriyar Nijar.

Idan abin ya riga ya faru, kada a yi gaggawar sabunta shafin. A fara danna maɓallin komawa baya sau ɗaya, domin wani lokaci burauza kan dawo da gurabun a cike. Idan sun dawo, a kwafe rubutun zuwa waje, a sake shiga, a buɗe sabon fom a zuba. Sake aika tsohon fom ɗin yakan ci tura saboda lambar tsaronsa ta tsufa. Wanda zamansa ya mutu bayan ya biya kuɗi ta Remita kuwa, kada ya sake biya, ya riƙe lambar RRR mai lamba 12, ya duba matsayin biyan da ita.

Nauyin da ke kan masu gina shafi

Wa'adin yana da amfaninsa. A shagon da mutane da yawa ke zama gaban kwamfuta ɗaya, wanda ya tashi bai fita daga asusunsa ba ya bar wa na bayansa NIN da BVN da lambar asusun banki. Shi ya sa ƙungiyar OWASP mai kula da tsaron manhajoji take ambaton minti 2 zuwa 5 ga shafuka masu matuƙar haɗari, da minti 15 zuwa 30 ga marasa haɗari sosai.

Sai dai kare asusu bai wajabta zubar da aikin mai shi ba. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C sun tanadi cewa shafin da ke da wa'adi ya ba mutum damar kashe shi ko tsawaita shi, ko kuma ya gargaɗe shi kafin cikar lokaci, ya ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari, har sau goma ko fiye. Wani sashe na ƙa'idojin ya nemi wanda zamansa ya ƙare ya iya ci gaba bayan ya sake shiga ba tare da ya rasa abin da ya rubuta ba. Hanyoyin cimma haka sanannu ne: a raba dogon fom zuwa gajerun matakai da ake ajiye kowanne, a riƙa adana rubutu kai tsaye lokaci zuwa lokaci, a kuma maye gurbin lamba 419 da jimlar da ke cewa lokaci ya ƙare, a sake shiga, bayanan suna nan. Hukumar da ta san masu nemanta za su cike fom ta waya daga Gagarawa ko Sule Tankarkar tana iya sanya waɗannan sharuɗɗa uku a takardar kwangila kafin ta karɓi shafin daga hannun wanda ya gina shi.