Kwana Biyar-Biyar, Amma Wani Ya Fi Wani Gajiya

A ƙarshen kowane wata akwai wata takarda da ake mannawa a allon sanarwa na asibiti, kusa da ofishin babban likita. Masu jinya suna wucewa ba sa ko kallonta. Ma'aikata kuwa cincirindo suke yi a gabanta, kowa na bin layi da yatsa yana neman sunansa. Ita ce rosta, jadawalin da ke nuna wanda zai yi kol a kowane dare, wato likitan da zai zauna cikin shirin ko-ta-kwana bayan an tashi daga aiki, a kira shi duk lokacin da aka kawo mai naƙuda ko wanda ya yi hatsari. Gaba da yawa tsakanin abokan aiki daga wannan takarda take farawa, kuma sau da yawa wanda ya rubuta ta bai yi niyyar cutar kowa ba. Kwanaki kawai ya ƙirga, alhali dare da dare ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki babban asibitin wata ƙaramar hukuma mai likitoci 6, a wata mai kwana 30. Lissafin farko mai sauƙi ne: kowa kwana 5. Sai dai kol na ranar aiki yakan fara da ƙarfe 4 na yamma ya ƙare 8 na safe, awa 16 ke nan. Na Asabar ko Lahadi kuwa daga safe ne zuwa wata safiyar, awa 24 cur. Likitan da kwanakinsa biyar suka faɗo tsakanin Litinin da Juma'a ya yi awa 80. Abokinsa da ya sami ranakun ƙarshen mako uku da ranakun aiki biyu ya yi awa 104, kuma shi ne bai je ɗaurin aure ba, bai zauna da 'ya'yansa ba. A takarda sun yi kunnen doki. In ya yi ƙorafi sai a ce masa, "Haba likita, ai kowa biyar ya yi."

Maganin wannan shi ne a daina ƙirga kwana, a koma ƙirga maki. Tun da 16 da 24 daidai suke da 2 da 3, sai a ba daren ranar aiki maki 2, ranar ƙarshen mako maki 3. Idan watan yana da ranakun aiki 22 da na ƙarshen mako 8, jimlar makin 68 ce. Mai tsarawa ya fara raba masu nauyin tukuna, kafin ya taɓa sauran. Ranaku 8 ba za su rabu daidai tsakanin mutum 6 ba, don haka dole biyu su ɗauki bibbiyu. Waɗannan biyun sai a ƙara musu ranakun aiki uku-uku, kowannensu ya tashi da maki 12. Sauran huɗun su ɗauki ƙarshen mako ɗai-ɗai da ranakun aiki hurhuɗu, maki 11 ke nan. Har yanzu kowa kwana 5 ya yi, amma ratar da ke tsakaninsu ta dawo awa 8. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunayen waɗanda suka ɗauki 12, wata mai zuwa a ɗora wa wasu biyun. A ganina wannan ajiyar lissafi daga wata zuwa wata ta fi komai amfani, domin babu watan da ke rabuwa daidai, amma cikin wata uku ko shida ana iya daidaitawa.

Akwai wani tarko da ke kama masu son sauƙi. Idan likitocin 7 ne, aka jera sunayensu ana bi ɗaya bayan ɗaya, to wanda ya faɗo Asabar a makon farko zai dawwama a Asabar har shekara ta ƙare, domin kwanakin mako ma bakwai ne. Ana gane haka da zarar an ja layi ƙarƙashin Asabar da Lahadi na wata uku, aka ga sunaye biyu ne ke ta maimaituwa. Gyaran kuwa shi ne a riƙa gusar da jerin da mutum ɗaya kowane mako.

Ranakun Sallah da Kirsimeti sai a ware su daban tun farkon shekara, a ba su maki mafi yawa, misali 4. Al'adar da ake yi a asibitoci da dama, inda Kirista ke riƙe wa Musulmi Sallah shi kuma ya rama masa a Kirsimeti, abu ne mai kyau. Amma a rubuta makin, domin inda Kiristan ɗaya ne tilo cikin shida, zai riƙe Sallah biyu da duk hutunsu, a rama masa da kwana biyu kacal.

Sai batun kuɗi. A asibitocin gwamnati a Nijeriya alawus ɗin kol yakan zo ne tare da albashi, gwargwadon matakin ma'aikaci. Wanda ya yi dare 3 da wanda ya yi 8 abu ɗaya za su gani a ƙarshen wata in matakinsu ɗaya. A irin wannan tsari kowa gudun kol yake yi, kuma nauyin yakan gangaro kan ƙaramin likita ko ɗan bautar ƙasa, wanda ba ya iya buɗe baki gaban manya. A wuraren da ake biya bisa kowace fitowa kuma, lamarin juyewa yake yi: a riƙa rububin dararen da aka san akwai aiki, wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya kwana rungume da waya, bai yi barcin kirki ba, bai kuma sami ko kwabo ba. Inda hukumar asibiti ke da ikon tsara biyan da kanta, abin da ya fi dacewa shi ne a raba kuɗin gida biyu. A biya wani abu na zaman jira bisa makin da mutum ya tara, ko an kira shi ko ba a kira ba, sannan a biya na fitowa bisa awannin da ya yi aiki.

Shi ma zaman jiran ba ƙaramin abu ba ne. A 2003 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wani likitan asibiti a birnin Kiel na Jamus mai suna Norbert Jaeger, ta yanke cewa duk lokacin da aka wajabta wa likita zama cikin asibiti lokacin aiki ne, ko da an ba shi gado ya kwanta.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da littafi. A ajiye shi a sashen gaggawa, nas mai riƙe da dare ta rubuta lokacin da aka kira likita, lokacin da ya iso da lokacin da ya tafi. Bayan wata uku littafin zai nuna abin da rosta ba ta nunawa, misali cewa daren ranar kasuwar garin ya fi kowane dare hatsarin mota da babur, ya kamata a ƙara masa maki. Musanya ma a nan za a rubuta ta. "Riƙe min Talata, zan rama maka" magana ce da ake yi a baranda a manta, kuma mai kunya ne kullum ke bin bashi.

Abu ɗaya ne maki ba ya gyarawa. Likitan da ya fara aiki 8 na safe, ya zarce kol, sannan ya zauna duba marasa lafiya washegari har 4 na yamma, ya yi awa 32 a jere. Don haka mai tsara rosta ya hana dare biyu a jere, ya kuma rubuta hutun bayan kol a cikin takardar kanta: wanda ya kwana ya miƙa marasa lafiyarsa ƙarfe 8, ya tafi gida. Idan likitocin sun ragu zuwa 3, kowa zai yi dare 10 a wata, kuma babu lissafin da zai sauƙaƙa wannan. Nan sai babban likita ya ɗauki littafin da rostar wata uku ya kai ma'aikatar lafiya, ya nemi ƙarin hannu.