Aikin Jan Sifirin: Idan Ƙarfi Bai Tsaya Wuri Ɗaya Ba

A kimiyya, aiki shi ne ƙarfi sau tazarar da abu ya motsa. Wannan lissafin yana tafiya daidai muddin ƙarfin bai canja ba. Amma ja sifirin ka gani: da farko yana biyo ka salin-alin, can gaba sai ya fara gardama.

Robert Hooke ya bayyana dokar a 1678: F = kx, wato ƙarfin yana ƙaruwa daidai da miƙewar. A ce k niyuton 200 ne a kowace mita, kuma za mu ja sifirin santimita 10, wato mita 0.1.

Dabarar ita ce a yanka tazarar gutsi-gutsi, kowane guntu dx ƙanƙane ne har ƙarfin bai samu damar canjawa a cikinsa ba. Aikin guntu ɗaya kx dx ne. Tara su duka daga 0 zuwa 0.1 shi ne haɗa jimillar da alamar ∫ ke nufi:

W = ∫ kx dx = ½kx² = ½ × 200 × 0.01 = 1

Jul 1 ke nan. Wanda ya ɗauki ƙarfin ƙarshe, niyuton 20, ya ninka da 0.1 zai samu jul 2, ninki biyu na gaskiya, domin ya ɗauka tun farko sifirin yake turjiya haka.

A kula, idan aka ja sifirin har ya kasa komawa yadda yake, dokar Hooke ta daina aiki, lissafin nan ma ya rushe.